Yadda na dawo da barcin matashi daga ƙarfe ɗayan dare zuwa goma da rabi

Ɗan yayata mai shekara 16 yana zaune a gidana a Tudun Wadan Kaduna, yana aji biyu na babbar sakandare. Barci ba ya ɗaukarsa sai wajen ƙarfe ɗayan dare, ga shi ana tashinsa Asuba ƙarfe biyar da 'yan mintoci, bayan salla kuma sai shirin makaranta. Da na lissafa, awa huɗu da ɗan abu yake samu, alhali mai shekara 13 zuwa 18 awa 8 zuwa 10 jikinsa ke nema. Mutanen gida sun ce taurin kai ne da waya. Wayar tana da laifinta, amma tushen abin a jikinsa yake.

A gida ɗaya ma buƙatar barci ba ɗaya ba ce. Jariri a wata ukun farko yana yin awa 14 zuwa 17 a yini da dare, amma gutsi-gutsi, awa biyu zuwa huɗu ya farka neman nono, domin agogon jikinsa bai san dare da rana ba tukuna. A rigingine ake kwantar da shi, kada a kife shi. Ɗan shekara ɗaya zuwa biyu yana son awa 11 zuwa 14 har da barcin rana, ɗan firamare 9 zuwa 12, babba 7 zuwa 9. Tsoho da ya wuce 65 yana buƙatar 7 zuwa 8, sai dai barcinsa ba nauyi, kuma agogon jikinsa ya ja baya, barci na zuwa masa da wuri. Shi ya sa kaka take gyangyaɗi da an idar da Isha'i, ta kuma farka tun kafin kiran assalatu. Saboda haka idan ta auna jikanta da kanta, dole ta ga kamar lalacewa ya yi.

Abu biyu ke kawo barci. Na farko gajiya ce da ke taruwa a ƙwaƙwalwa tun daga lokacin da mutum ya farka. Na biyu agogon jiki, wanda haske ke saitawa. Idan duhu ya yi, ƙwaƙwalwa ta saki wani sinadari da ake kira melatonin, shi ke shaida wa jiki dare ya yi. Da balaga ta zo, dukkansu biyun suna sauyawa. Sinadarin yana jinkirta fitowa da awa ɗaya zuwa biyu, gajiyar kuma tana taruwa a hankali fiye da ta ƙaramin yaro. Mary Carskadon, mai binciken barci a Jami'ar Brown ta Amurka, tana cikin waɗanda suka tabbatar da haka. Yaron da a da ƙarfe tara ta yi masa yawa, yanzu sha ɗaya ta yi idonsa tar. Jinkirin yana ƙaruwa har wajen shekara 20, sannan ya fara komawa da kansa. Saboda wannan ne a 2014 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar kada sakandare ta fara darasi kafin takwas da rabi. Mu a nan takwas ta yi an gama taron safe, kuma mai zuwa daga Rigasa ko Kawo tun shida da rabi yake bakin titi.

A kan wannan jinkiri na halitta sai garinmu ya ɗora nasa. Wuta takan zo cikin dare, kowa ya tashi caji da guga da kallo. Data ta fi arha bayan sha biyu. Ƙwallon Turai na tsakiyar mako ba a tashi sai wajen goma ko sha ɗaya. A Maris da Afrilu kuwa ɗaki ba ya kwantuwa, kuma jiki sai ya ɗan huce kafin barci ya shige shi.

Na fara da mako guda na rubutu kawai: lokacin da ya kwanta, lokacin da yake jin barci ya ɗauke shi, lokacin tashi, da abin da ya sha bayan Azahar. Takardar ta nuna abu uku. Yana dawowa makaranta ya faɗi katifa daga huɗu har Magariba. Yana shan shayi mai kauri wajen mai shayi bayan Isha'i. Asabar da Lahadi kuma ya koma barci bayan Asuba sai sha ɗaya ko sha biyu.

Na ukun ya fi ɓarna, shi na fara taɓawa. Wanda ya yi barci har hantsi ya rasa hasken safe, kuma hasken safe shi ke jawo agogon jiki baya. Kwana biyu a haka sun isa su ƙara tura shi gaba, daren Lahadi barci ya ƙi zuwa, Litinin a tashi a galabaice. Muka yi yarjejeniya cewa a ƙarshen mako zai iya komawa bayan salla, amma bakwai da rabi ya fito tsakar gida. Kullum kuma ya samu minti 20 zuwa 30 a waje bayan fitowar rana. Tafiya bakin titi ko shara ta wadatar, domin hasken waje, ko da hazon hunturu, ya ninka na ƙwan ɗaki nesa ba kusa ba.

Barcin yamma ban hana shi gaba ɗaya ba, tunda yaro ne mai bashin barci. Na rage shi zuwa minti 30, a tashe shi kafin La'asar ta wuce. Barcin awa biyu da yamma yana kwashe gajiyar da ya kamata ta kwantar da shi da dare. Shayi, goro da lemon kwalba mai duhu muka tsayar da su daga Azahar, domin sinadarin da ke cikinsu mai hana barci, bayan kamar awa biyar rabinsa yana nan a jini.

Lokacin kwanciya shi ne inda iyaye suka fi kuskure. Su kora yaro ɗaki ƙarfe tara, ya yi ta juyi awa uku, ya tsani shimfiɗar, ƙarshe ya lalubo waya. Agogon jiki ba ya yin tsalle irin wannan. Na bar shi ya kwanta sha biyu da rabi, kusa da inda barcinsa yake, sannan duk bayan kwana uku mu ja baya da minti 15 zuwa 20. Idan barci ya ɗauke shi cikin rabin awa, mu ƙara ja. Idan ya wuce haka, mu tsaya a wurin. Awa guda kafin kwanciya waya ta koma falo caji, har da tawa, a kashe farin ƙwai a bar ƙaramar fitila. Lokacin zafi ya watsa ruwa kafin ya kwanta.

A makon farko ya zo ya same ni da jan ido ya ce, "Kawu, wallahi abin nan ƙara min gajiya yake." Gaskiya ya faɗa, tunda an rage masa na rana, na daren bai cike gurbin ba. Na ce masa, "Ɗana, ka daure zuwa mako na biyu." Cikin kamar wata ɗaya da rabi ya sauko goma da rabi. Daga nan zuwa Asuba awa shida da rabi ne da ɗoriya, a haɗa da rabin awar rana ya haura bakwai. Bai kai takwas ba, amma ya daina gyangyaɗi a darasin farko, kuma kira ɗaya yake tashi.

Abin yana warwarewa da sauri: hutun makaranta ko azumi kan mayar da shi baya, don haka mako biyu kafin komawa muke sake jan lokacin. Idan kuwa an bi duk wannan wata biyu ba canji, ko yaro yana minshari mai ƙarfi numfashinsa na yankewa, ko ya cika awanninsa amma yana barci a zaune, ko ya janye daga mutane ya daina cin abinci, a kai shi asibiti. Kada a saya masa maganin barci a kemis.