Gidan Baba na Unguwar Rogo

Jiya mun yi zama na uku a kan gidan Baba da ke Unguwar Rogo nan Jos, wallahi na dawo kaina na ciwo. Shekara 9 da rasuwarsa, duk lokacin da aka ɗago maganar rabo sai Kawu ya ce a bari tukuna, wai kar a ce muna ɗokin dukiya. To a cikin jiran nan Yaya babba ya rasu, ya bar mata da yara biyar, ga Hajiya da ranta. Malamin da muka kira ya ce yanzu gado biyu ne, a fara raba na Baba, Hajiya ta ɗau tumuninta, wato kashi ɗaya cikin takwas, namiji kashi biyu mace ɗaya, sannan a ɗauko kason Yaya a sake rabawa, Hajiya sudusi, wato ɗaya cikin shida, matarsa tumuni, saura na yaransa. Munasaha ake kiransa wai.

Inda rigimar take shi ne kuɗin hayar shaguna uku na gaban gida, duk shekarun nan ba wanda ya rubuta ko sisi, kuma har da haƙƙin marayu a ciki. Matar Yaya ta ce kotu za ta je. Ni dai ban ga laifinta ba.