Kafin ku danna Report, ku fara adana shaida

Ƙannena masu sana'a da hulɗa a Facebook da WhatsApp, duk ranar da wani ya ɗora hotonku ya haɗa da zagi ko ƙazafi, abin da zuciya za ta fara nema shi ne a cire shi yanzu yanzu, kafin iyaye su gani, kafin dangin miji ko dangin mata su gani. Wannan gaggawar ba laifi ba ce. Amma idan aka cire rubutun kafin ku adana shi, ku ne kuka share sawun ɓarawo da hannunku kafin masu bin sawu su iso. Cirewa na iya jiran rabin awa, shaida kuwa idan ta tafi da wuya ta dawo.

Ina sayar da atamfa da leshi a nan Gombe, kuma yawancin cinikina ta waya nake yi. Wani shafi mai sunan bogi ya ɗauki hotona da lambar wayata ya saka a wani zauren saye da sayarwa na Facebook, ya ce ina karɓar kuɗin mutane ba na tura kaya, ya ƙara da maganar da ta taɓa mutuncin aurena. Daga nan ya biyo ni ta saƙo yana cewa ya san layin gidanmu. Na kira ƙawaye da 'yan'uwa na ce kowa ya danna `Report`, ni ma na danna, sannan na yi masa `Block`. Aka cire rubutun, na yi hamdala. Da muka je wurin lauya da yayana, abin da ke hannuna hoto ɗaya ne da wata ƙawata ta turo min, ita ma turo mata aka yi. An yanke samansa da ƙasansa, ba kwanan wata, ba sunan zauren, sunan shafin ma rabinsa ne ya fito.

Lauyan ya ce, "Hajiya, wannan hoton ko yaro mai waya zai iya haɗa irinsa. Ina adireshin rubutun? Ina adireshin shafin da ya saka? Wace rana aka saka, kuma wa ya ɗauki hoton?" Ban iya amsa ko ɗaya ba. Muka nemi shafin da sunan da na sani, babu shi, don mai shi ya riga ya sauya suna da hoto.

Wannan na ƙarshen shi ne abin da nake so ku fi riƙewa. Sunan da ke saman shafi ana sauya shi, hoton fuska ma haka. Abin da ya fi tsayawa shi ne adireshin shafin. Ku shiga shafin mutumin, ku danna ɗigo uku, ku nemi inda za ku kwafi adireshinsa. Idan kuka buɗe shi a burauza, sau da yawa za ku ga wani abu kamar `profile.php?id=` da doguwar lamba a bayansa. Wannan lambar ba ta sauyawa ko ya sauya suna sau nawa, kuma da ita mai bincike zai nuna wa kamfanin takamaiman shafin da yake magana a kai. Haka shi ma rubutun kansa yana da nasa adireshin, ana samunsa ta `Copy link`. Ku kwafi biyun ku liƙa a wani wuri, ko ku tura wa kanku ta imel. Bayan an cire rubutun adireshin ba zai buɗe muku komai ba, amma yana nan a matsayin alamar cewa abu kaza ya taɓa zama a wuri kaza.

Sai hoton allo, wanda muke kira sikirinshot. Ku ɗauke shi cikakke, da agogon da ke saman wayar, da sunan zauren, da sunan mai rubutun. Kada ku yanke, kada ku zana masa jan da'ira, kada ku rufe wata kalma saboda kunya. Idan kuna son wanda za ku yi wa zane don nuna wa wani, ku yi a kan kwafi, na asali ya zauna yadda waya ta ɗauke shi. Akwai wata matsala kuma: Facebook a waya yakan rubuta `2h` ko `3d` maimakon kwanan wata, kuma bayan wata shida wannan ba ya gaya wa kowa komai. Saboda haka ku rubuta rana da lokacin da kuka gani a littafi nan take. Idan da kwamfuta a kusa, ɗora kibiyar linzami a kan wannan alamar lokacin yana fito da cikakken kwanan wata, sai ku ɗauki hotonsa a haka.

Abin da ya fi hoto ƙarfi a ganina shi ne bidiyon allo. Yawancin wayoyin Tecno da Infinix da Samsung na yanzu suna da shi idan aka ja allo daga sama. Ku kunna, ku fara daga nuna kwanan wata na wayar, ku buɗe manhajar, ku shiga zauren, ku gangara zuwa rubutun, ku buɗe sharhin da ke ƙasa a hankali yadda za a iya karantawa, ku nuna yawan waɗanda suka yaɗa, sannan ku danna sunan mai shi ku shiga shafinsa ba tare da kun tsayar da ɗaukar ba. Bidiyon da bai katse ba yana da wuyar ƙaryatawa. Sharhin nan kada ku raina shi. Idan wata ta rubuta cewa da ma tana shirin sayen kaya amma ta fasa, wannan shi ne ke nuna asarar da aka jawo muku. Wani lokaci kuma a cikin sharhi ne wanda ya san mai shafin zai kira shi da sunansa na gaskiya.

Na san karanta zagin kai layi bayan layi ba abu ne mai sauƙi ba. Idan ba za ku iya ba, ku miƙa wa yaya ko amini ya yi muku, amma ya zama mutum ɗaya sananne wanda zai iya tsayawa gobe ya ce shi ya ɗauka, da wannan wayar, a rana kaza.

A WhatsApp lokaci ya fi ƙurewa. Abin da aka ɗora a `Status` awa 24 yake yi. Wanda ya turo saƙo yana da kusan kwana biyu da zai iya janye shi ta `Delete for everyone`, kuma idan an kunna saƙonni masu ɓacewa, za su tafi da kansu bayan awa 24 ko kwana 7 ko kwana 90. Ku ɗauki hoton hirar yadda lambar mutumin za ta fito, domin sunan da kuka adana shi da shi ku kuka rubuta, ba shaida ba ne. Sannan ku yi `Export chat`, wanda ke fitar da hirar a rubuce da rana da lokacin kowane saƙo, har da muryoyin da aka turo idan kuka zaɓi haɗawa da su. Hoton da aka turo na gani sau ɗaya manhajar ba ta barin a ɗauke shi daga allo, sai dai a ɗauki fuskar wayar da kyamarar wata wayar. Kuma lokacin danna `Report` ku karanta abin da ke rubuce kafin ku amince, kada ku zaɓi abin da zai goge hirar daga wayarku.

Dalilin wannan wahalar yana cikin doka. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 shi ne ya tsara yadda kotu ke karɓar abin da ya fito daga kwamfuta, kuma waya tana ciki. Ana bukatar bayani a kan na'urar da ta samar da shi, da cewa tana aiki daidai a lokacin, kuma yawanci lauya yakan haɗa takardar shaida da mai na'urar zai sa wa hannu. A 2012 Kotun Ƙoli, a shari'ar Kubor da Dickson kan zaɓen gwamnan Bayelsa, ta ce labaran da aka buga daga intanet ba su karɓu ba saboda ba a cika sharuɗɗan wannan sashen ba. To ina ga hoton da ya bi ta wayoyi uku? Don haka kada ku sayar da wayar, kada ku kai a yi mata filashin, kada ku bayar da ita musaya har sai magana ta ƙare. Idan za ku tura hotunan ga lauya ta WhatsApp, ku tura a matsayin `Document`, domin tura su a matsayin hoto yana rage musu inganci. Ku ajiye kwafi a imel ko a filash, saboda waya na faɗuwa a Keke Napep.

Kada kuma ku ɗauka duk zagi yana da hukunci iri ɗaya. Sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 an yi masa gyara a 2024 aka taƙaita shi, ta yadda zagi zalla ba lallai ya shiga ƙarƙashinsa ba, amma barazana ga rai ko lafiya tana nan a ciki. Ɓata suna da ƙazafi suna da nasu hanyoyin a kotunan jiha. Lauya ne zai tantance wadda ta dace, kuma ba zai iya ba sai ya ga ainihin kalmomin yadda aka rubuta su. A tawa maganar, saƙon "na san layinku" ya fi duk zagin nauyi, alhali ni zagin ne ya fi ɗauke min hankali.

Da shafin ya dawo da sabon suna bayan wani lokaci, mun bi wannan tsarin, ƙanwata tana riƙe da littafi ina ɗauka. Bai kai rabin awa ba muka gama, sannan na danna `Report`, na ɗauki hoton amsar da ta zo a `Support Inbox`, sai a ƙarshe na yi `Block`, domin da zarar kun toshe mutum ba ku ƙara ganin shafinsa. Duk da haka ku sani, abin da kuka adana yana tabbatar da abin da aka rubuta da shafin da ya rubuta, ba ya faɗin wanda ke riƙe da wayar. Wannan sai hukuma ta nemi bayanin daga kamfanin ta hanyar doka. Kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, yakan adana bayanan shafi na kwana 90 idan jami'an tsaro suka nema a hukumance, saboda haka jinkirin kai koke ga 'yan sanda yana da tsada.

Wuri ɗaya ne wannan shawarar take sauyawa. Idan hoton tsiraici ne na wanda bai kai shekara 18 ba, kada ku ɗauka, kada ku adana, kada ku tura wa kowa ko da niyyar taimako, domin mallakar irinsa laifi ne a wannan dokar ta 2015. Ku kwafi adireshin rubutun da na shafin kawai, ku rubuta rana da lokaci, ku danna `Report` nan take, sannan a sanar da iyaye da hukuma.