Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Murfin Tukunya

A makon jiya na tsaya a inda maigidana, Abban Ummi, ya yarda in fara bidiyon girki, bisa sharaɗin kada fuskata ta fito. Ni ma dama ban yi niyyar nuna ta ba. Goggo ce da labari ya kai mata ta taɓe baki ta ce, "Ke 'yar nan, labarin zuciya a tambayi fuska. Wa zai yarda da girkin wadda bai gani ba?" Na ce Allah ya huci zuciyarki Goggo, amma maganar ta zauna min a wuya.

Da awara na fara, a 2021. Ba ni da sandar ɗora waya, sai na gitta taɓarya a kan kujeru biyu, na ɗaure wayar da roba, kyamarar baya tana kallon ƙasa, tazarar kamu ɗaya da rabi daga tabarma. Tun da a zaune nake ba na ganin abin da take ɗauka, sai na zana kusurwa huɗu da alli. Abin da ya fita daga zanen bai shiga ba. Hoton kuma dogo ake so, 9:16, don haka kwanuka a jere nake sa su daga sama zuwa ƙasa, ba gefe da gefe ba.

Ɗaukar farko ta lalace. Duk lokacin da hannuna ya shigo sai kyamara ta bi shi, waken ya dusashe, in na janye ta koma. Ƙanena ne ya nuna min in danna kan kwanon a fuskar waya in riƙe yatsa har AE/AF Lock ya bayyana, wato alamar kyamara ta tsaya a kan abu ɗaya, daga nan ba ta ƙara yawo. Ta biyu tururi ne ya ci ta. Madarar wake na tafasa, gilashin kyamara ya yi hazo daidai lokacin da na zuba ruwan tsami, alhali nan ne duk daɗin kallon yake, inda madarar ke tsinkewa ta dunƙule, ruwa ya ware. Tun ranar, abin da ke kan wuta daga gefe nake ɗaukarsa, a ɗan karkace. Fitila ma na daina amfani da ita, don wani ƙwan yana sa layuka su riƙa yawo a hoto. Inuwar baranda da hantsi ta fi min komai.

Murya ba a lokacin girki nake yinta ba. Tsakar gidanmu akwai kaji, akwai injin markaɗen maƙwabta. Sai dare ya raba, janareto sun yi shiru, in shiga tsakanin kayan sawa a durowa in yi magana, waya na nesa da bakina kamar taƙi guda, don tufafi na shanye amsa-kuwwa. A CapCut, manhajar gyaran bidiyo, nake rage sautin asali, amma ba na kashe shi duka. Ƙarar awara a cikin mai sai na bar ta. Ɗaukar kusan minti 40 ta koma sakan 50, kuma da soyayyar na buɗe, ana ɓara ta da yatsu, sannan na koma kan jiƙa wake. Wanda bai ga fuska ba, in bai ga abin da zai riƙe shi a sakan biyun farko ba, ya wuce.

Bara a bikin 'yar Yaya Babba wata mata ta kama hannuna ta ce, "Wallahi na san wannan tabon." Tabon ƙunar babban yatsana ta gane. Goggo na zaune a wurin tana jin mu, ta kau da kai. Labarin zuciya a tambayi fuska, ko ba haka ba Goggo?

To amma in koma baya, don abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau ke nan. A bidiyo na shida na ɗaga murfin tukunyar silba, sabuwa fil cikin kayan aurena, na kife shi a gefe. Ashe ya zama madubi. Ga ni nan a ciki, a murɗe, ba ko ɗankwali, na tsawon sakan biyu. Ni ban gani ba, don idona na kan miya. Wata daga cikin dangin miji, ba zan faɗi wace ce ba, ta san kanta, ta tsayar da bidiyon, ta ɗauki hoton wurin ta tura wa Abban Ummi ba tare da ta kira ni ba. Na goge a daren, amma kwana uku ba ya cin abincina.

Yanzu kafin in ɗora komai sai na ja shi a hankali, hoto bayan hoto, ina duba bayan cokali, gilashin taga, har saman mai kafin ya yi zafi. Murfin nan kuwa na mayar da shi ƙasan gado, na koma rufe tukunya da faifai in ana ɗauka. Goggo da ta ji, dariya ta yi har da tafi, ta ce ai fuskar ce ta gaji da ɓuya.

Mako mai zuwa zan ba ku yadda muka ƙare da mai tura hoton.