Ƙafa a sama, mita a ƙasa

Shekaranjiya da daddare na tarar da ɗan yayata a zaure ya ɗora rula a kan fuskar wayarsa, wai yana auna nisa a hoton taswirar tsohuwar jarrabawar WAEC. Na ce, kai, me kake yi haka? Ya ce, “Kawu, sikeli nake gwadawa.” Hoton da ya buɗa da yatsu biyu har ya ninka girmansa! Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na tuna abin da na tafka ni ma, na nemi tabarma na zauna.

Lokacin da na zauna jarrabawar jogarafi, na haddace komai kamar karatun allo. Sikeli 1:50,000, santimita 2 kilomita 1 ce. Gangara kuwa, bambancin tsawo a raba da nisan ƙasa. Ko cikin barci aka tashe ni zan kawo su. Amma taswirar gaske, sau biyu kacal na taɓa riƙe ta kafin ranar. Ba laifina ba ne duka, don ƴan ƙwaya ne a makarantarmu, muna taruwa mu goma a kan ɗaya kamar ƙudaje a kan mangwaro. To amma akwai waɗanda suke komawa da yamma su roƙa a ba su, ni kuwa ina filin ƙwallo.

Tambayar ta ce a nemo gangara tsakanin wurare biyu, an ba da lambar girid ta kowanne, mai lamba shida. Girid shi ne layukan da suka yanka taswira murabba'i-murabba'i. A ce 234567. Ukun farko na gabas ne: layi na 23, sai ka ƙara kashi 4 cikin 10 na murabba'in zuwa dama. Ukun ƙarshe na arewa: layi na 56, ka haura kashi 7 cikin 10. Ni da arewa na fara, na yi minti goma ina neman 23 a gefen da babu shi, gumi na ɗiga a takarda. Wannan dai na gano da kaina na gyara, kuma har yau ina ɗan alfahari da hakan.

Wanda ya kashe ni shi ne na gaba. Na auna tsakaninsu, santimita 6, wato kilomita 3, mita 3,000. Wuri ɗaya yana kan layin kwanto na 1,200, wato layin da ke nuna tsawon wuri a taswira, ɗayan a kan na 1,500, bambanci 300. Na raba 300 da 3,000, na samu 1 cikin 10, na ja layi biyu a ƙarƙashi ina murmushi. Ashe a gindin taswirar an rubuta cewa tazarar kwanto, wato bambancin tsawo tsakanin layi da layi, ƙafa 50 ce, yadda take a tsofaffin taswirorin Najeriya da yawa. Ƙafa na sa a sama, mita a ƙasa. Ƙafa ɗaya mita 0.3048 ce, don haka ƙafa 300 wajen mita 91 ke nan, amsar kuma kusan 1 cikin 33. Na mai da ɗan tudun da jaki zai hau da mangala ya koma gangaren da sai direban babbar mota ya sauko giya.

Abin da ya fi ƙona min rai, taswirar da kanta tana gaya min na yi kuskure. Daga 1,200 zuwa 1,500 tazara shida ce, sun bazu a santimita 6, kusan santimita guda tsakanin layi da layi. Da gangarar 1 cikin 10 ce da gaske, da layukan sun matsu, kusan milimita 3 tsakaninsu. Kallo ɗaya ya isa. Amma wa ya taɓa ce min in duba? To, an faɗa, ni ne ban ji ba.

Na yi niyyar jero muku shawarwari goma, na ga biyu ma da ƙyar za ku karanta kafin ku koma kallon bidiyo. Kafin ka taɓa tambaya ko ɗaya, karanta gindin taswira: sikeli nawa, tazarar kwanto nawa, ƙafa ce ko mita. Sannan ku bar hadda, ku nemi taswirar takarda da rula da zare, don hanya mai lanƙwasa da zare ake bin ta, a miƙe shi a kan rula. Ko da yake 0.3048 ɗin nan dole ka haddace shi, haka ma gabas kafin arewa. To, ku yi haddar, amma da taswira a gabanku.

Yaron ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce ai akwai kalkuleta. Na ce kalkuleta ce za ta gaya maka ƙafa ce ko mita? Gobe zan kai shi shagon hoto a gurza masa taswirar daidai girmanta, ba ragi ba ƙari, in kuma auna murabba'i ɗaya da rula a gaban mai shagon in ga ya ba ni santimita 2 kafin in biya.