Fatawar zakkar fidda kai da muka kai Turanci

Ofishinmu na fassara a Garwa ƙarami ne, amma aikin fiƙihu ba ma yi masa gaggawa. Gabanin azumi, wani kwamitin masallaci daga Bamenda ya aiko mana da fatawar Larabci a kan ba da kuɗi maimakon hatsi a zakkar fidda kai, suna so a Turanci saboda matasansu.

Mai fatawar ya ce jamhuru, wato Malikiyya da Shafi'iyya da Hambaliyya, suna ganin kuɗi ba ya isarwa, sai an fitar da sa'i ɗaya na abinci, mudu 4 da mudun Annabi. Hanafiyya kuwa sun yarda a ba da ƙimarsa, kuma an ruwaito haka daga Umar ɗan Abdul'aziz.

Kafin 'yan kwamitin su zo wurinmu sun fara kai wa wani mai araha, cikin masu tebur da kwamfuta ɗin nan. Da na karanta aikinsa sai da na yi salati. Jamhuru ya mayar da shi dukkan malamai, ka ga ya ƙirƙiro ijma'i ke nan, ya share Abu Hanifa. "Ba ya isarwa" kuma ya rubuta haramun ne. To ina haɗinsu? Rashin isarwa na nufin nauyin bai sauka daga kan mutum ba, sai ya sake fitarwa. Ba a ce bai wa talaka sefa zunubi ne ba.

Inda muka fi daɗewa shi ne kalmar wajibi. A wurinmu Malikiyya, wajibi da farilla ɗaya ne a wannan babin. Hanafiyya sun raba su: farilla ita ce wadda dalilinta yankakke ne, wajibi kuwa dalilinsa bai kai nan ba, kuma zakkar fidda kai a wajibi suka ajiye ta. Don haka muka bar lafazin Larabcin yadda yake, muka bi shi da gajeren bayani a karon farko da ya fito, muka kuma rubuta sunan mazhaba a gaban kowace magana. Inda mai fatawa ya ce "ni abin da na rinjayar", mun bar shi da bakinsa, ba mu mayar da shi hukuncin mazhaba ba.

Wannan tsanaki a zauren malaminmu na Marwa na samo shi, lokacin muna karatun Risala. In ka kawo hukunci, Allah ya jiƙansa, sai ya ɗago kai ya ce, "Ɗana, in ji wa? Mashhuri ne ko an ce?"

Sakataren kwamitin ya yi ta neman ragi, wai shafi 3 ne kacal. Na ce, "Alhaji, ɗora fassarar biyu gefe da gefe, ka nemo mini Hanafiyya a cikin waccan." Ya duba, ya juya takarda, bai samu ba. Ya biya kuɗin cif.