Talata: saniya ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye, ciwonsu daban

Shanu biyu aka nuna mini yau a garken madara, kuma mai kula da su ya haɗa su a bayani ɗaya: "Likita, duk rashin ƙarfi ne na bayan haihuwa." Ba ciwo ɗaya ba ne. Ta farko zazzaɓin madara ne ya kayar da ita, wato ƙarancin kalsiyam a jini bayan haihuwa, ta biyu kitosis ne ke cinta a hankali, wato ciwon da narkewar kitsen jiki ke jawowa, kuma maganin wannan ba zai yi wa waccan komai ba.

Ta farkon ta haihu jiya da yamma, haihuwarta ta huɗu, nauyinta wajen kilo 500. Na same ta kwance a kan ƙirji, ta lanƙwashe wuya ta ɗora kai a kuiɓi. Kunnuwanta sanyi ƙalau, hancinta a bushe, babu kashi a bayanta tun dare, tumbi kuma shiru. Ma'aunin zafi ya nuna digiri 37.2, alhali lafiyayyar saniya tana wajen 38.5. Wato jiki sanyi yake yi a wannan ciwo, duk da sunansa. Wanda ya auna ya ga zafi ya haura 39.5, to ya nemi wata matsalar.

Dalilin faɗuwar lissafi ne mai sauƙi. Kowace lita ta dakashi tana ɗauke da kalsiyam wajen giram 2, don haka lita 10 ta kwashe sama da giram 20, alhali abin da ke yawo a jinin saniya gaba ɗaya bai wuce giram 3 ba. Jiki kan cike giɓin daga ƙashi da hanji, amma wannan aiki yana ɗaukar kwana ɗaya zuwa biyu kafin ya kankama, kuma ya fi nawa a saniyar da ta manyanta. Shi ya sa ciwon ke zuwa cikin kwana uku na farko, ya fi kama wadda ta haihu sau uku ko fiye, da wuya a gan shi a karsana mai haihuwar fari. Idan kalsiyam ya yi ƙasa, tsoka ba ta motsawa, ta ƙafa da ta tumbi da ta hanji duka.

Kafin allura na tatsa kowane nono na duba, domin mummunan ciwon hantsa ma yana kwantar da saniya da kunnuwa masu sanyi, kuma zuciyar irin wannan ba ta jure kalsiyam ta jijiya sosai. Dakashin lafiya lau, ƙafafu babu karaya. Sai aka ɗumama kwalbar kalsiyam borogulukonet mai ƙarfin kashi 23 cikin ɗari, mililita 500, a bokitin ruwan ɗumi. Kwalbar tana ba da kalsiyam wajen giram 10, kuma ƙa'idar ita ce giram 1 ga kowane kilo 45 na nauyi, ke nan ɗaya ta isa.

A nan ake kashe saniya da hannu, wajen gaggawa. Kalsiyam da ya shiga jijiyar wuya da gudu yana rikita bugun zuciya har ya tsayar da ita. Ana riƙe kwalbar ƙasa-ƙasa don ruwan ya sauka cikin minti 15 zuwa 20, kunne na kan zuciya. Da bugun ya fara tsallake ko ya ragu sosai, sai a sauke kwalbar a jira ya daidaita. Kwalbar ba ta ƙare ba ta yi gyatsa, tsokar cinyarta ta fara rawa, hanci ya yi raɓa, sannan ta yi kashi da fitsari. Cikin sa'a guda ta miƙe.

Miƙewar ba ta nufin an gama. Kalsiyam na jijiya sa'o'i kaɗan yake riƙe jini, kuma kusan ɗaya cikin huɗu sukan sake faɗuwa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Don haka da ta tsaya, tana haɗiya da kyau, aka ba ta ƙwayar kalsiyam ta baki mai giram 40 zuwa 50, za a ƙara wata bayan sa'a 12. Saniyar da ke kwance ba a yi mata ɗure ko kaɗan, saboda maƙogwaronta ma ya saki, ruwan huhu zai tafi. Wadda ta ƙi tashi kuma, a tokare ta a kan ƙirji don kada ciki ya kumbura, a riƙa juya ta kowace sa'a uku zuwa huɗu, in ba haka ba nauyinta zai lalata tsokar ƙafar da ta danne ko da jinin ya gyaru. Kwalba ta biyu a kan ta farko ba ta tashe ta. Sake bincike ake yi.

Ta biyun tana tsaye, tana tafiya, zafin jikinta 38.6. Makonta uku da haihuwa. Abin da aka lura shi ne tana ture dusa da hatsi ta koma kan busasshiyar ciyawa, madararta ta ragu, ta zube cikin 'yan kwanaki, kashinta ya bushe ya yi tauri. An ce da ƙiba ta haihu, kuma irinsu kitosis ya fi so. Madara ta fi ƙarfin abin da take ci, sai jiki ya hau narka kitsensa. Kitsen ya yi wa hanta yawa, ta kasa ƙona shi duka, ta mayar da wani ɓangare sinadaran kiton, su kuma suna ƙara kashe sha'awar ci. Numfashinta na warin ruwan goge farce, amma ba kowane hanci ke jin wannan wari ba, don haka ban dogara da shi ba. Ɗigon jini daga jijiyar wutsiya a kan na'urar auna BHB, ɗaya daga cikin sinadaran kiton ɗin, ya nuna 3.4 mmol/L. Daga 1.2 ciwon ya fara a ɓoye, daga wajen 3.0 yakan fito fili.

Tambayar da ta fi lambar muhimmanci ita ce me ya hana ta ci. Sau da yawa kitosis yana biyo bayan wani ciwon ne: ruɓar mahaifa, ciwon hantsa, ko gocewar ciki, wato sashe na huɗu na tumbin saniya ya goce zuwa hagu. Na sa abin sauraro a haƙarƙarin hagu na ƙarshe ina ɗalla da yatsa. Da an ji amsa-kuwwa mai kaifi, cikin ya goce ke nan, aikin tiyata ne ko mirgina saniyar, ɗure ba zai warkar ba. Ba a ji ba, mahaifa kuma babu wari.

Maganinta furofilin gilaikol ne, ruwan da jiki ke mayarwa sukari, mililita 300 ta baki sau ɗaya a rana, kwana uku zuwa biyar. Ɗure ya fi zubawa a abinci, tunda abincin ne ta ƙi. Kada a ninka don a ga sauri, yawansa yana sa saniya tangaɗi da dalalar miyau. Da ta nuna alamun ƙwaƙwalwa, wato lasar ƙarfe ko bango, zagaye, kuka babu dalili, da an fara da gulukos mai ƙarfin kashi 50, mililita 500 ta jijiya. Shi ma sa'o'i kaɗan yake aiki, dole ɗuren ya biyo baya, kuma idan ya zuba a wajen jijiya yana ƙona nama, ba a yin sa ƙarƙashin fata. An ware ta inda manyan shanu ba za su ture ta daga abinci ba, da ciyawa mai kyau a gabanta, hatsin kuma a dawo da shi kaɗan-kaɗan. Za a sake auna jinin bayan ɗure na ƙarshe.

Ta farkon ma na sa sunanta a jerin gwajin BHB na mako mai zuwa. Saniyar da kalsiyam ya kayar takan yi kwanaki ba ta ci sosai, tumbinta na nawa, kuma ta wannan ƙofa kitosis da gocewar ciki suke shigowa.