Laraba da dare: ƙaiƙayin da ba ya barin shaida

Abin da ya tsaya mini a rai yau shi ne wata mata mai kimanin shekara 48 da ta zo da ƙaiƙayi na wata huɗu. Ta sha maganin borin jini kala biyu, ta sauya sabulu, ta wanke kayan shimfiɗa, duk a banza. Ta ce, "Likita, jikina ko ƙurji ɗaya babu, amma barci ya gagare ni."

Kafin a yarda babu ƙurji sai an duba da kyau, a wuri mai haske. Tsakiyar baya ce ke raba gardama, domin hannu ba ya kai wa can. Ita duk inda farcenta ke kai wa akwai sawun yaƙushi da tabo, tsakiyar bayanta kuwa sumul. Wato susa ce ta yi raunukan, ba ciwon fata ne ya kawo susar ba. Na duba tsakanin yatsu da wuyan hannu da ƙugu saboda ƙazuwa, wadda kan ɓuya a jikin mai yawan wanka, na kuma tambaya ko wani a gidan yana susa. Babu. Ƙwaurinta ma ba ya fitar da farin gari, alhali bushewar fata ce ta fi kawo irin wannan ƙaiƙayi, musamman ga tsofaffi.

Sai na tambaye ta, "Malama, a ina ya fi tsanani?" Ta buɗe tafin hannunta, ta nuna tafin ƙafa, ta ce da dare kamar ta cire fatar. Nan hankalina ya koma kan hanta. Idan ruwan matsarmama ya kasa gangarawa hanji yadda ya kamata, abubuwan da ke cikinsa sukan taru a jini su tsokano jijiyoyin fata. Fitsari kan yi duhu, bayan gida ya yi fari-fari, ido ya yi rawaya. Sai dai ƙaiƙayin na iya riga ciwon shawara zuwa da watanni, har da shekaru, shi ya sa farin ido ba ya wanke hanta daga zargi. Nata idon fari ne tas. Kuma wannan ƙaiƙayi ba irin na borin jini ba ne, don haka ƙwayoyin da ta sha gyangyaɗi kawai suka sa ta.

Ƙaiƙayin ciwon ƙoda yakan bayyana ne bayan ciwon ya yi nisa, ya fi yawa ga masu wankin ƙoda, ya fi kama baya da hannuwa, tare da kasala da tashin zuciya, wani lokaci da kumburin ƙafa. Na ƙwayar tayirod ta wuya fuska biyu gare shi. Idan ta yi yawan aiki, fata ɗumi da gumi, ga rama duk da ana cin abinci, ga bugun zuciya da rawar hannu. Idan aikinta ya yi ƙasa, fata ta bushe, mutum ya yi ta jin sanyi da nauyin jiki. Ba ta da ko ɗaya, amma gwajinsu ba wuya, ba na barin su a kan zato.

Na rubuta mata gwaje-gwajen jini: ALP da GGT da ALT da bilirubin na hanta, kiriyatinin na ƙoda, TSH na tayirod, da ƙidayar jini da feritin, tunda ƙarancin sinadarin ƙarfe ma yana sa ƙaiƙayi. Da yamma sakamako ya fito: ALP ya ninka iyakarsa sau uku, GGT ma ya hau, bilirubin daidai, sauran lafiya. GGT ɗin ne ya tabbatar da cewa hawan ALP daga hanta yake, domin ƙashi ma yana fitar da ALP.

Gobe za a yi mata hoton ciki, a ga ko tsakuwa ko ƙari ya toshe babban bututun matsarmama. In bututun bai buɗe ba, sai gwajin jini na AMA, mai nuna ko garkuwar jiki ce ke yaƙar hanta, domin mace mai shekarunta da irin wannan sakamako ana tunanin ciwon PBC, inda garkuwar jiki ke cinye ƙananan bututun cikin hanta.

Idan hoton bai nuna cikakkiyar toshewa ba, za ta fara kolestiramin, maganin da ke kama sinadaran matsarmama a hanji don rage ƙaiƙayin, giram 4 sau ɗaya ko biyu a rana, ana iya kai wa giram 16. Inda ake yawan kuskure shi ne haɗa shi da wasu magunguna, domin yana kama su a hanji ya hana su shiga jini. A sha sauran magungunan awa ɗaya kafinsa, ko awa 4 zuwa 6 bayansa. Yana kuma sa taurin bayan gida, na gaya mata tun yanzu don kada ta jefar da shi a mako na farko. Daren yau dai ta yanke farce, ta yi wanka da ruwa mai ɗan ɗumi ba mai zafi ba, ta shafa mai tun jikinta da damshi.